Mai Suka na Naɗi, Rubutu Kafin Magana, ko Zaton Faɗuwa: Wanne Ya Fi Hana Taron Aiki Bin Yarima a Sha Kiɗa?

Shugaban da ya lura cewa duk shawarar da ya kawo a taro tana wucewa cikin minti goma ba tare da an ce uffan ba, sannan bayan wata biyu ya ji ana cewa ai dama an san ba za ta yi aiki ba, yana da hanyoyi da dama da masana halayyar ɗan Adam a wuraren aiki suka tsara domin irin wannan matsala. Uku daga cikinsu ne aka fi amfani da su: naɗa mutum ɗaya ya soki shawarar da gangan, ko sa kowa ya rubuta ra'ayinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki, ko kuma a ƙaddara cewa shirin ya riga ya faɗi sannan a nemi dalilin faɗuwarsa. Ana yawan ambatar su tare kamar duk wanda aka ɗauka daidai ne, amma ba cuta ɗaya suke magani ba, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a zaɓa, sai an fahimci abin da ke sa mutane yin shiru. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya zaunar da ɗalibai a cikin rukuni, yana nuna musu layi ɗaya yana tambaya wanne ne ya yi daidai da shi a tsawo cikin wasu layuka uku. Amsar a fili take, domin waɗanda suka amsa su kaɗai ba su yi kuskuren da ya kai kashi 1 cikin 100 ba. To amma duk waɗanda ke ɗakin, ban da mutum ɗaya, an riga an shirya da su cewa su ba da amsa marar daidai a zagaye 12 daga cikin 18. Sakamakon shi ne kusan kashi 37 cikin 100 na amsoshin mutanen da ake gwadawa sun bi kuskuren jama'a, kuma kusan uku cikin huɗu na mutanen sun bi aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi amfani ga mai shirya taro shi ne sauye-sauyen da Asch ya yi wa gwajin daga baya. Da ya sa mutum ɗaya kacal ya saɓa wa masu rinjaye, bin kuskuren ya ragu zuwa kusan rubu'in yadda yake a da, kuma da aka bar wanda ake gwadawa ya rubuta amsarsa maimakon ya faɗe ta a gaban mutane, nan ma ya ragu ƙwarai. Biyu daga cikin hanyoyin da za mu kwatanta a kan waɗannan sakamako biyu suka dogara.

A 1955 Morton Deutsch da Harold Gerard suka raba wannan biyayya gida biyu. Akwai mutumin da ya san gaskiya amma yana gudun a gan shi a ware, akwai kuma wanda ya ga mutum shida sun yarda da abu sai ya fara zargin idonsa. Irving Janis na Jami'ar Yale, a 1972, ya nuna yadda wannan hali ke taruwa ya zama cutar rukuni gaba ɗaya, inda ya ɗauki misalin yadda mashawartan Shugaba Kennedy na Amurka suka amince da harin Bay of Pigs a kan Kuba a 1961 duk da shakkun da wasunsu ke da shi a zuci. Cikin alamomi takwas da ya lissafa, biyu ne aka fi gani a ofis: kowa yana tace maganarsa da kansa, sannan ana ɗaukar shirun kowa a matsayin amincewa. Sai kuma matsala ta uku wadda ba ta da alaƙa da tsoro ko kaɗan, wadda Garold Stasser da William Titus suka bayyana a 1985, wato cewa rukuni yakan ɓata lokacinsa yana maimaita bayanan da kowa ya riga ya sani, bayanin da ke hannun mutum ɗaya kuwa sau da yawa ba ya fitowa, ko ya fito ba a tsaya a kansa.

Domin kwatancin ya yi ma'ana, bari mu ƙaddara wani lamari. Kamfanin rarraba kaya ne mai sito uku, kuma manaja tana son a sauya manhajar lissafin kaya a dukkan sito ukun a rana ɗaya, a farkon watan da ciniki ya fi yawa. Mutum bakwai ne za su zauna a kan maganar. Kowannensu ya san abubuwa uku: tsohuwar manhajar tana da nauyi, kamfanin da ke sayar da sabuwar ya yi ragi mai kyau, kuma manaja ta riga ta nuna inda zuciyarta take. Amma akanta shi kaɗai ya san cewa masu binciken asusu za su zo a makon da aka sa. Shugaban sito na uku shi kaɗai ya san cewa intanet ɗinsu yana yankewa kusan kowace yamma. Akwai kuma wata ma'aikaciya da bai fi wata biyu da zuwanta ba, wadda ta taɓa ganin irin wannan sauyi a inda ta baro, inda lambobin kaya suka ninku aka shafe makonni ana gyara. Idan aka yi taro yadda aka saba, manaja ta fara magana, mutum biyu suka yaba ragin, to da wuya ɗaya daga cikin bayanan nan uku ya samu wurin zama.

Hanya ta farko, naɗa mai suka, ita ce ta fi tsufa kuma ita ce shugabanni suka fi so, saboda ba ta buƙatar wani shiri. Asalinta wani muƙami ne a Cocin Katolika da aka kafa a 1587, inda a da ake sa wani jami'i ya kawo duk hujjar da za ta hana a ɗaga mamaci zuwa matsayin waliyyi, har ake yi masa laƙabi da lauyan shaiɗan. Janis ma ya sa ta cikin magungunan da ya ba da shawara. A lamarinmu, manaja za ta dubi jami'in sayayya ta ce masa yau aikinsa shi ne ya nemo aibun shirin. Amfaninta a fili yake, domin ta karya kamannin cewa baki ya zo ɗaya, kuma ta ba mutum ɗaya lasisin faɗin abin da ba a son ji ba tare da a ce yana da wata manufa ba. Binciken David Schweiger da abokan aikinsa a 1986 ya nuna cewa rukunan da aka tsara musu jayayya sun fitar da shawarwari masu inganci fiye da waɗanda aka ce su nemi daidaito kawai, ko da yake mambobinsu ba su ji daɗin zaman kamar na ɗaya ɓangaren ba.

Sai dai rauninta babba ne, kuma ina ganin shi ya sa bai kamata ta zama zaɓin farko ba. Charlan Nemeth ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da abokan bincikenta, ta kwatanta mai suka na naɗi da mai saɓani na gaskiya a 2001, ta samu cewa mai saɓanin gaske ya fi sa mutane su duba al'amari ta sababbin fuskoki, shi kuwa na naɗi yakan sa su ƙara tara hujjojin da ke goyon bayan abin da suka zo da shi tun farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowa a ɗakin ya san jami'in sayayya aiki aka ba shi, bai sa sunansa ko matsayinsa a cikin haɗari ba, saboda haka ana sauraron sukarsa ne domin a ba ta amsa, ba domin a sake tunani ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne cewa bai san komai game da intanet ɗin sito na uku ko zuwan masu binciken asusu ba, don haka zai soki abin da kowa ya sani, kamar tsadar horar da ma'aikata, a ba shi amsa cikin sauƙi, kowa ya tashi yana jin cewa an tace shirin. Rukunin ya fita da tabbacin da ya fi wanda ya shigo da shi, alhali ko ɗaya daga cikin ramukan gaske ba a taɓa ba. Ana gane cewa hanyar ta zama wasan kwaikwayo idan mutum ɗaya ne ake naɗawa kullum har an fara yi masa dariya, ko kuma idan an yi taro biyar ko shida da mai suka amma ba a taɓa sauya ko kwanan wata a wani shiri ba saboda abin da ya faɗa.

Hanya ta biyu ta fi cin lokaci, kuma ita ce Andre Delbecq da Andrew Van de Ven suka tsara, suka wallafa a 1971. Ginshiƙinta shi ne a hana magana har sai kowa ya ɗaure ra'ayinsa a takarda. Mai jagorantar zaman, wanda ya fi kyau kada ya zama shi ne shugaba, zai rubuta tambaya guda a allo, a lamarinmu misali a tambayi abin da kowa ya sani a sashensa wanda zai iya shafar ranar sauyin ko yadda za a yi shi. Za a ba da minti biyar zuwa goma na shiru, kowa yana rubutu. Daga nan sai a zagaya, kowane mutum ya karanta abu ɗaya tak daga takardarsa, a rubuta a allo ba tare da yabo ko suka ba, a ci gaba da zagayawa har takardun su ƙare. Sai bayan haka ne ake buɗe tattaunawa, ita ma domin a fayyace ma'anar kowane batu ne, ba domin a kayar da wani ba. A ƙarshe kowa ya jera batutuwan da ya ga sun fi nauyi a kati, a asirce, a tattara a ƙirga.

Idan aka bi wannan da mutanenmu bakwai, akanta zai rubuta maganar masu binciken asusu tun kafin ya ji inda iska ke kaɗawa, kuma da zagaye ya iso kansa ba shi da wata hanya illa ya karanta abin da ya rubuta. Sabuwar ma'aikaciyar, wadda a taron da aka saba ba za ta katse manya ba, tana da nata lokacin daidai da na kowa. A ce kowa ya zaɓi batutuwa uku ya ba su maki 3, 2 da 1, jimillar makin ke nan 42. A ce yankewar intanet ta samu 14, karo da binciken asusu 11, ninkuwar lambobi 8, horarwa 6, sauran 3 suka watsu. Manaja yanzu tana kallon allon da ke nuna mata cewa abubuwa ukun da suka fi damun mutanenta babu ko ɗaya a cikin lissafinta na farko, kuma babu wanda ya fito ya yi mata gardama fuska da fuska. Mafita mai yiwuwa ita ce a fara da sito ɗaya, a ɗaga ranar da mako uku, a tace lambobin kaya kafin a kwashe su.

Wannan hanya ta fi sauran saboda tana taɓa cututtukan uku a lokaci guda. Rubutu da zaɓen asiri suna rage tsoron a gan ka a ware, yin rubutun kafin jin kowa yana hana ra'ayin farko ya rina na sauran, zagayen kuma yana tilasta wa bayanin da ke hannun mutum ɗaya ya fito. Tana kuma kauce wa abin da Michael Diehl da Wolfgang Stroebe suka gano a 1987, cewa babban abin da ke rage yawan ra'ayoyi a taron baki shi ne jiran layi, domin yayin da mutum ke jiran wani ya gama, nasa tunanin yakan ɓace ko ya ga kamar lokacinsa ya wuce. Amma tana da nata tsada. Zama ɗaya yakan ci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a kan tambaya guda, ta fi dacewa da mutum biyar zuwa tara, kuma idan tambayar da aka rubuta a allo ta karkata, duk abin da zai biyo baya ya karkata. Da manaja ta tambayi yadda za a tabbatar an yi sauyin a ranar da aka sa, to ta rufe ƙofar kafin a fara. Haka kuma asirin kati a cikin mutum bakwai da suka san rubutun hannun juna ba asiri ba ne, shi ya sa wasu ke sa a buga a na'ura ko kuma wani daga wajen sashen ya yi ƙirgar. Akwai ma ma'aikatan da ke jin tsarin ya yi musu kama da aji, kuma idan ana yin sa a kan kowace ƙaramar magana, za su fara cika takardar da abin da bai taka kara ya karya ba domin a sallame su.

Hanya ta uku ta Gary Klein ce, wadda ya yi bayaninta a mujallar Harvard Business Review a 2007, kuma lokacinta daban ne da na sauran biyun. Ana yin ta ne bayan an riga an tsai da shiri amma ba a fara aiwatarwa ba. Jagora zai ce wa mutane su ɗauka yau shekara ɗaya ke nan da fara aikin, kuma ya faɗi mummunar faɗuwa, sannan ya ba su 'yan mintoci kowa ya rubuta dalilan da suka kawo faɗuwar. Sai a zagaya ana karantawa ɗaya bayan ɗaya, kuma Klein ya ba da shawarar a fara da shugaban aikin, domin idan mai shirin da kansa ya ambaci yadda shirinsa zai iya rushewa, ya buɗe wa sauran hanya. Dabarar ta jingina da binciken Deborah Mitchell da Jay Russo da Nancy Pennington na 1989, wanda ya nuna cewa idan aka ce wa mutane abu ya riga ya faru, sukan kawo dalilai da suka fi yawa da kusan kashi 30 cikin 100 fiye da idan aka ce musu zai iya faruwa.

Kyawunta shi ne ta juya ma'anar biyayya. A taron da aka saba, mai nuna matsala shi ne ke ɓata wa mutane rai, a nan kuwa wanda ya kawo dalilin da babu wanda ya hango shi ne ya fi kowa yin aikin da aka sa. Shugaban sito na uku ba ya buƙatar ya ce bai yarda da manaja ba, zai dai rubuta cewa aikin ya faɗi ne saboda intanet ya yanke ana tsakiyar lodin motoci, aka koma rubutu a takarda, lissafin ya rabu biyu. Tana da sauri, rabin awa yakan isa, kuma ta fi naɗa mai suka domin mutum bakwai ne ke suka daga abin da kowannensu ya sani da gaske. Iyakarta ita ce tana duba shiri ɗaya ne kawai. Za ta sa a gyara yadda za a yi sauyin, amma ba za ta tayar da tambayar ko akwai wata manhaja da ta fi wannan ba, ko ma a bar tsohuwar zuwa baɗi. Sannan takan haifar da doguwar takarda mai dalilai ashirin ko talatin, kuma idan ba a zaɓi uku ko huɗu mafi haɗari an ɗora kowanne a wuyan wani mutum da sunansa da ranar da zai kawo rahoto ba, takardar aljihun tebur za ta shige.

Zaɓin, a ganina, ya rataya ne a kan matakin da shawarar take da kuma irin shirun da ke ɗakin. Idan har yanzu akwai zaɓi fiye da ɗaya a kan tebur, kuma mutanen sun fito daga sassa daban-daban kowa da abin da ya sani, rubutu kafin magana ya cancanci awar da zai ci, musamman idan akwai tazarar muƙami mai faɗi tsakanin mahalarta. Idan an riga an sa hannu a kwangila ko an sanar da shirin, ba kuma za a koma baya ba, zaton faɗuwa ne ya dace, domin sake buɗe zaɓi a wannan mataki yaudarar mutane ne. A shawara mai nauyi ana iya haɗa su, a yi rubutu kafin magana lokacin zaɓe, zaton faɗuwa kuma mako ɗaya ko biyu kafin farawa. Naɗa mai suka kuwa ya fi amfani a inda aka ba wanda aka naɗa kwanaki ya yi bincike, aka ba shi damar ganin takardun da aka gina shirin a kansu, aka kuma wajabta wa masu shirin su amsa masa a rubuce. Mafi kyau ma shi ne a nemo wanda da gaske bai gamsu ba a ba shi wannan dama, maimakon a sa wanda ya gamsu ya yi kamar bai gamsu ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da babu wadda za ta yi aiki a cikin hanyoyin uku ba tare da shi ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a bincikenta na 1999 a kan rukunan aiki 51 a wani kamfanin ƙere-ƙere, ta nuna cewa rukunan da mambobinsu suka yarda cewa ba za a wulaƙanta su ko a hukunta su saboda tambaya ko bayyana kuskure ba sun fi koyo daga aikinsu. Idan bayan zaman manaja ta kira akanta gefe ta tambaye shi dalilin da ya sa ya kunyata ta, to a zama na gaba kowa zai rubuta abin da ya san ba zai jawo masa kira ba, kuma katin asiri ba zai ceci komai ba. Shi ya sa masu ba kamfanoni shawara a wannan fanni sukan fara da halin shugaba kafin tsarin taro: ya ɓoye ra'ayinsa har kowa ya faɗi nasa, wani lokacin ma ya fita daga ɗakin, kamar yadda Kennedy ya riƙa yi a wasu zaman mashawartansa lokacin rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962. Hanyar auna ko abin yana aiki ba ta da wuya. A ɗauki shawarwari goma na baya-bayan nan, a duba nawa ne suka fita daga taro da wani sauyi a kan yadda suka shiga, a kuma duba ko a cikin waɗanda suka sauya akwai wadda sauyin ya fito daga bakin wanda ya fi kowa ƙanƙantar muƙami a ɗakin.